Darasi: Ajiye Taswirar Hanya a Cikin Waya Kafin a Bar Gari

Duk wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Kachia ya san cewa da zarar an wuce Kujama da Kasuwan Magani, sabis ɗin waya yakan fara wasan ɓuya, ya zo a wannan gari ya ɗauke a dajin da ke gaba. Wanda ya dogara da taswirar waya don ta nuna masa hanya yakan duba ya tarar da fili fari fat, babu titi babu sunan gari, sai wani ɗigo mai launin shuɗi yana tafiya shi kaɗai. Maganin wannan shi ne a sauke taswirar yankin tun ana gida, inda sabis yake da ƙarfi.

Kafin mu taɓa waya, ya kamata mu fahimci dalilin da ya sa ɗigon nan yake ci gaba da tafiya alhali hanya ta ɓace. Waya tana gane inda take ne ta hanyar saƙon da take karɓa daga taurarin ɗan'adam, abin da ake kira GPS, kuma wannan saƙo ba ya cin data, ba ya buƙatar kati. Abin da yake cin data shi ne zanen tituna da sunayen garuruwa, domin waya tana ɗauko su kaɗan-kaɗan ne yayin da ake tafiya. Saboda haka idan an ajiye zanen a cikin waya tun da wuri, an haɗa abubuwa biyun da ake buƙata.

Bari mu ɗauki misalin ɗan kasuwar da zai tashi daga Kawo a Kaduna ya tafi wani ƙauye da ke bayan Kachia domin sayen citta. Da daddare, kafin ranar tafiya, sai ya buɗe manhajar Google Maps, ya taɓa hotonsa ko harafin farko na sunansa da ke cikin da'ira a sama ta hannun dama. Jerin rubutu zai fito, ya nemi inda aka rubuta Offline maps ya taɓa, sannan ya taɓa Select your own map. A nan zai ga wani akwati mai kusurwa huɗu a kan taswira, kuma duk abin da ya faɗa cikin akwatin shi ne waya za ta ajiye, abin da ke wajensa kuwa babu ruwanta da shi.

Wannan akwati shi ne wurin da mutane suka fi yin kuskure, don haka za mu daɗe a kansa. Da farko yakan nuna garin da mutum yake ne da kewayensa, sai mai gaggawa ya ga Kaduna ta shiga, ya danna saukewa, ya ɗauka ya gama. Wani kuma Kachia kaɗai zai sa a ciki, wai ai Kaduna ya san ta kamar tafin hannunsa. Duka biyun ba su yi daidai ba, domin manhajar ba za ta iya zana hanya ba tare da data ba sai idan mafarin tafiyar da ƙarshenta da dukan titin da ke tsakaninsu suna cikin abin da aka ajiye. Abin da ɗan kasuwarmu zai yi shi ne ya ɗora yatsu biyu a kan gilashin waya ya matso su kusa da juna, taswira ta ƙanƙance, har sai ya ga Kaduna a sama ta hagu, Kachia kuma a ƙasa ta dama, tun da Kachia tana kudu maso gabas da Kaduna ne. Ya kuma bar sarari a kowane gefe, kada garin da zai je ya zauna a kan layin akwati, saboda ƙauyen da yake nema yana gaba da garin, kuma titi ba ya tafiya a miƙe kamar zare. Idan yana tunanin zarcewa Kwoi, kuma akwati ɗaya ya ƙi ɗaukar tafiyar duka, ya sauke akwati na biyu wanda bakinsa ya hau kan na farko.

A ƙasan akwatin akwai rubutu da yake faɗin nauyin abin da za a sauke, lamba ce da haruffan MB a gabanta. Idan, a misali, ta nuna 90 MB, to wanda ya sayi data ta 1 GB, wato kusan 1,000 MB, zai kashe ƙasa da kashi ɗaya cikin goma ne. Da ya gamsu sai ya taɓa Download, ya jira har lissafin ya kai 100. Idan ta tsaya tana cewa tana jiran Wi-Fi, ya taɓa alamar ƙafar inji da ke saman shafin Offline maps ya ba ta izinin amfani da datar waya. A wannan wuri ne kuma zai iya zaɓar SD card idan cikin wayarsa ya cika da hotuna da bidiyo. Wanda ya nemi Offline maps ya rasa, ya duba sunan manhajarsa, domin wasu ƙananan wayoyi suna zuwa ne da Google Maps Go, ita kuwa ba ta ajiye taswira.

Saura gwaji, kuma a ganina wanda bai yi gwaji ba bai gama aikin ba. Yana zaune a ɗakinsa ya kunna Airplane mode, alamar jirgin sama, ya tabbatar Location, wato abin da yake nuna inda waya take, yana kunne, sannan ya rubuta Kachia ya nemi hanyar mota. Idan shuɗin layi ya fito daga ƙofar gidansa har can, aiki ya yi. Idan ta ce ba ta samu hanya ba, to akwai ɓangaren titin da ya faɗa waje, sai ya koma ya faɗaɗa akwati. Wani dattijo a ajinmu ya yi wannan gwaji sau biyu yana gyara tabarau, daga baya muka gano cewa alamar mai tafiya a ƙasa ya zaɓa, alhali taswirar da aka ajiye hanyar mota kaɗai take bayarwa. Da ya taɓa hoton mota, nan take layin ya fito.

Ƙananan ƙauyuka ba duka suke da suna a taswira ba, wasu kuma an rubuta su da wata irin ƙa'ida dabam da yadda muke furta su. Idan dillalin citta ya turo wurin da yake ta WhatsApp, a buɗe saƙon tun a Kaduna, a taɓa Save a ajiye shi, domin irin wannan saƙo yakan ƙi buɗewa inda babu sabis.

Taswirar da aka ajiye ba ta san cunkoso ba, ba ta san gadar da ruwan Agusta ya cinye ba, ba ta kuma san yanayin tsaron hanya a ranar ba. Waɗannan sai a tambayi direbobin tasha da safe, kuma idan waya ta ce a ratse ta wata ɓarauniyar hanya a daji alhali direbobi sun ce a bi kwalta, a bi maganar direbobi. A tafi da wayar caji ta mota, tun da gilashi a kunne da GPS suna shan batir sosai. Taswirar kuma tana da wa'adi, wanda aka rubuta a ƙarƙashin sunanta. Idan kwana 15 suka rage manhajar takan yi ƙoƙarin sabunta ta da kanta, amma sai an hau Wi-Fi. Mai amfani da data kaɗai ya taɓa ɗigo ukun da ke gefen sunan taswirar ya zaɓi Update da hannunsa.

Aikin gida: kowa ya zaɓi garin da ya fi zuwa, ko Saminaka ne ko Zariya ko Kafanchan, ya sauke taswirar hanyarsa, ya rubuta lambar MB da ya gani a littafinsa, ya zo da wayar aji mu gwada ta da alamar jirgin sama a kunne.