Yadda za ka rubuta harsunan da kake ji a CV

Da farko raba magana da rubutu, don ba abu ɗaya ba ne. Akwai wanda ke jin Larabci tsaf amma in aka ce ya rubuta wasiƙa sai ido ya raina fata.

Sai ka sa wa kowane harshe mataki. Ma'aunin da aka fi sani shi ne CEFR, daga A1 zuwa C2. A1 da A2 gaisuwa ne da 'yar tambayar hanya, B1 kana iya hira ta yau da kullum, B2 kuma za ka iya zama a mitin ka yi bayanin aikinka ba tare da kame-kame ba, C1 da C2 ƙwarewa ce sosai. Harshen da ka tashi da shi ba ya buƙatar lamba, harshen uwa kawai za ka sa.

Misali: Faransanci, magana B2, rubutu B1.

Kafin ka sa B2 gwada kanka, ka yi minti biyar kana bayanin aikinka da harshen, in ka maƙale sauko B1, don a intabiyu ana iya juya hirar zuwa harshen ba sanarwa. In kana da satifiket kamar IELTS ko DELF sa shi da shekarar.