Yadda Ake Gwada Fis ɗin Zafi da Elemen na Dutsen Guga ko Butar Lantarki da Mita

Dutsen guga ko butar lantarki da ta mutu mus, ba zafi ba fitila, yawanci wuri ɗaya ne kawai ya yanke a hanyar da wuta ke bi. Hanyar kuwa gajeriya ce: wuta tana shiga ta ƙafa ɗaya ta filogi, ta bi waya, ta ratsa fis ɗin zafi, ta ratsa makunnin da ke daidaita zafi, wato tamostat, ta shiga elemen, wato wayar da ke yin zafi, sannan ta koma ta ɗaya ƙafar. Duk a jere suke, ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ko wanne ya yanke sai kayan ya daina zafi gaba ɗaya. Aikin mita, wato na'urar hannu ta awon lantarki, shi ne ta nuna maka inda yankewar take kafin ka sayi komai.

Da farko zare filogi daga soket, ka ajiye shi inda idonka ke ganinsa. Duk gwajin da za mu yi da mita ana yinsa ne babu wuta. Ka bar kayan ya huce sarai, ka zubar da ruwan da ke ciki, ka bar shi ya bushe.

Lissafa lambar da kake sa ran gani

Mutane da yawa suna tsallake wannan matakin, sai mita ta nuna musu lamba su rasa ko mai kyau ce ko maras kyau. Juya kayan ka duba ƙarƙashinsa, za ka ga an rubuta bolt da wat. Da su ake lissafa om ɗin elemen, wato ma'aunin juriyarsa ga wuta. A lissafin, R om ne, V bolt, W kuma wat:

```
R = (V × V) ÷ W
```

Dutsen guga mai wat 1200 a kan bolt 230 zai ba ka 52900 a raba da 1200, wato om 44. Mai wat 1000 zai ba da kusan 53. Buta mai wat 2000 tana kusa da 26. Idan an rubuta 220-240V da 1850-2200W, kada ka rikice. Haɗa ƙarami da ƙarami ko babba da babba, duka biyun 26 za su ba ka, domin elemen ɗaya ne. Idan abin da ka auna ya ɗara lissafin ko ya gaza da kamar kashi goma cikin ɗari, babu laifi.

Shirya mita

Sa baƙin tsinke a ramin COM, jan kuma a ramin da ke da alamar Ω. Murɗa mita zuwa Ω, a kan 200 idan irin wadda ake zaɓa mata mataki ce. Haɗa bakin tsinkayen biyu: za ka ga wani abu kamar 0.3 ko 0.5. Wannan na wayoyin mitar ne, kuma shi ne sifilinka na yau. Raba su, sai allon ya nuna OL, ko 1 shi kaɗai a gefen hagu. Ma'anarsa hanya a yanke take.

Ina roƙonka kada ka dogara da ƙarar mita wajen gwada elemen. Yawancin mitoci suna yin ƙara ne idan om ɗin ya gaza 30 ko 50. Elemen ɗin buta mai om 26 zai iya sa ta yi ƙara, amma na dutsen guga mai om 53, lafiyarsa ƙalau, sai mita ta yi tsit, ka jefar da abu mai kyau. Lamba za ka karanta.

Gwada daga filogi kafin ka kwance komai

Murɗa tamostat ɗin dutsen guga zuwa ƙarshen zafi. Idan buta ce, ɗora ta a kan gindinta ka danna makunni. Ɗora tsinkaye a kan ƙafafun filogi biyu masu ɗaukar wuta, ban da doguwar ta uku da ake kira ƙafar ƙasa. Idan ka ga lambar da ka lissafa, hanya a haɗe take, sai ka duba soket ɗin ko shi ne ba ya ba da wuta. Idan OL ka gani, ci gaba da riƙe tsinkayen, wani ya riƙa lanƙwasa wayar a hankali daidai inda ta shiga jikin dutsen gugar da inda ta fito daga filogi. Lamba ta bayyana ta ɓace? Waya ce ta karye a ciki, ba ruwan fis ko elemen. Idan filoginka mai fis ne a ciki, fitar da shi ka auna, ya kamata ya ba da sifilinka.

Wannan gwajin ba ya aiki a kan kayan da ke da allon lantarki a ciki, irin butar da ake zaɓa mata digiri da maɓalli ko dutsen guga mai kashe kansa. Su sai an ba su wuta makunninsu ke haɗa hanya, don haka daga filogi ba za ka ga elemen ba ko da yana da lafiya.

Ka kuma tuna yadda fitilar take kafin ka zare filogi. A yawancin waɗannan kayan, fitilar tana haɗe ne kafaɗa da kafaɗa da elemen. Idan tana kamawa amma babu zafi, wuta ta iso har bakin elemen ke nan, shi ko mahaɗinsa ne abin zargi. Idan ba ta kamawa sam, yankewar tana kafin nan.

Fis ɗin zafi

Kwance murfin bayan dutsen gugar, sannan sukurorin da ke riƙe da jikin roba. Ɗauki hoton wayoyin kafin ka zare ko ɗaya. Fis ɗin ɗan ƙaramin gwangwani ne mai launin azurfa, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba, gefe ɗaya a tsuke. Ba za ka gan shi tsirara ba, yana cikin farar rigar zare mai jure zafi, an danne shi da ɗan ƙarfe a jikin farantin guga. Zame rigar a hankali, ka ɗora tsinke ɗaya a kowace ƙafarsa. Mai lafiya yana nuna abin da bai fi sifilinka da komai ba. Wanda ya mutu OL yake nunawa. Da ido ba za ka bambance su ba, domin ba ya baƙi kuma ba ya fashewa. Wani ɗan ƙwaya ne a cikinsa ke narkewa idan zafi ya kai adadin da aka rubuta a jikinsa, sai hanya ta yanke har abada.

Elemen

Za ka ga ƙafafu biyu sun fito daga cikin farantin, kowace da farin abu kewaye da gindinta. Zare waya daga ɗaya, don kada wani abu ya shiga cikin awon. Kankare tsatsar da ke kan ƙafafun, ka danna tsinkaye sosai, kuma kada yatsunka su taɓa bakinsu. Lambar da ka lissafa tana nufin lafiya. OL na nufin wayar ciki ta yanke. A yawancin kayan yanzu elemen a manne yake da faranti ko gindin buta, ba a canza shi shi kaɗai.

Saura awo ɗaya, kuma shi ne wanda ya shafi rai. Kai mita matakin om mafi girma, ka sa tsinke ɗaya a ƙafar elemen, ɗayan a ƙarfen faranti inda babu fenti. Dole ka ga OL. Duk lambar da ta tsaya a allon tana nufin wuta na yoyo zuwa jikin da hannu ke taɓawa, irin wannan kayan ba a sake jona shi. Ka sani kuma batirin mita ƙaramin ƙarfi gare shi, akwai yoyon da ba ya fitowa sai an sa cikakkiyar wuta. Kayan da ke jan mutum ko yake kashe wutar gida duk lokacin da aka jona shi, ajiye shi za a yi ko da mita ta ce OL.

Me ya kashe fis ɗin?

Dutsen gugar ƙanwata, mai wat 1200, ya mutu tana tsakiyar guga. Daga filogi na sami OL, lanƙwasa waya bai canza komai ba. Elemen ya ba ni 45, daidai da lissafi, kuma babu yoyo. Fis ɗin, mai 240°C da 10A a jikinsa, OL. Da na tsaya nan na sa sabo, da na yi rabin aiki. Na tambaye ta yadda yake kafin ya mutu, ta ce: “Yaya, kwana biyu fitilar ba ta mutuwa, har ya ƙona min mayafi a kan ƙaramin zafi.”

Sai na ɗora tsinkaye a ƙafafun tamostat ina murɗa shi. A yawancin dutsen guga, idan ka kai shi ƙasa gaba ɗaya za ka ji ƙas, mita ta koma OL, idan ka ɗaga ta dawo sifili. Wannan ko gezau, 0.4 daga farko har ƙarshe. Da na duba da kyau, bakunan ƙarfen biyu da ke haɗuwa su rabu sun narke sun manne, gefensu ya yi baƙi. Elemen ya yi ta ci babu mai tsayar da shi, fis ɗin ne ya tare gobara. Tamostat da fis duka na canza.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na buɗe kaya na tarar an ɗaure waya a gurbin fis. Ranar da tamostat ya manne, babu sauran abin da zai kashe dutsen da aka manta a kan tufafi. Sabon fis ya zama digirinsa ɗaya da tsohon, amfiyarsa kuma kada ta gaza ta tsohon. Ba a haɗa shi da dalma: zafin aikin zai iya kashe shi tun kafin ya fara aiki, dalmar kuma za ta narke a zafin faranti. Da ɗan bututun ƙarfe ake matse ƙafafunsa da filaya, a mayar masa da rigarsa, a danne shi daidai inda tsohon yake.

A buta abin ya ɗan bambanta. Da yawa ba su da irin wannan fis ɗin daban, kariyarsu tana cikin baƙin makunnin da ke ƙarƙashi. Idan an kunna ta babu ruwa, wani ɗan faifan ƙarfe ne ke ɗagawa ya yanke wuta, yakan kuma koma da kansa bayan ta huce, don haka jira minti goma sha biyar ka sake awo. Idan elemen ya ba da 26 amma filogi na nan a OL, auna gindin shi kaɗai, daga kowace ƙafar filogi zuwa mahaɗin da buta ke zama a kai. Gindi lafiya, to makunnin ne ya ƙone, gaba ɗayansa ake canzawa.

Bayan ka rufe dutsen gugar, sake awo daga filogi: lambar lissafinka tsakanin ƙafafu biyu, OL daga kowace cikinsu zuwa faranti, kusan sifili daga ƙafar ƙasa zuwa faranti. Sannan ka tsayar da shi a kan dugaduginsa, ka jona a kan ƙaramin zafi kana tsaye a wurin. Cikin minti ɗaya ko biyu ya kamata ka ji ƙas, fitila ta mutu. Idan ba ta mutu ba, zare filogi nan take ka koma kan tamostat.