Darasi na Bakwai: Lita Nawa na Fenti Ɗakinku Zai Sha?

Fenti a kasuwa yawanci kashi biyu ake sayar da shi: galan mai lita 4 da bokiti mai lita 20. Kafin ku je shago ku ce a ba ku galan kaza, sai kun san abu uku: faɗin wurin da za a shafa, shafi nawa za a yi, da kuma yawan wurin da lita ɗaya take rufewa. A wannan darasi za mu ɗauki ɗaki guda mu bi lissafinsa har ƙarshe. Ku tanadi tef na awo, da fensir, da takarda.

Awon bango

Ga sabon ɗaki a unguwar Mabera da ke Sakkwato, an gama filasta, ta bushe. Tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 3.5, tsayinsa daga daɓe zuwa silin mita 3. Yana da ƙofa ɗaya da taga biyu.

Ba sai an auna kowane bango daban ba. A zagaya ɗakin da tef a haɗa ɓangarorin huɗu: 4 + 3.5 + 4 + 3.5 = 15. Sai a ninka wannan da tsayi: 15 × 3 = 45. Wato bangon ɗakin murabba'in mita 45 ne. Murabba'in mita shi ne fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Shi magina suke kira sikwaya mita.

Tef yana da fuska biyu ta lamba, ta mita da ta ƙafa, kuma maginanmu sun fi sabawa da ƙafa. Ku yi awon da mita tun daga farko, domin da mita ake rubuta bayani a jikin bokiti. In har an riga an auna da ƙafa an ninka, to a raba amsar gida 11 don a samu kusan adadinta a murabba'in mita. Wanda ya manta da wannan zai ga lissafi yana ce masa ya sayi fentin da ya ishi gida guda.

Cire ƙofa da taga

Ƙofar ɗakin nan faɗinta mita 0.9, tsayinta mita 2.1. In aka ninka, an sami kusan 1.9. Kowace taga mita 1.2 ce ta kowane ɓangare, wato 1.44, biyu kuwa kusan 2.9. Jimla 4.8. A cire daga 45, saura 40.2, mu ce 40.

Kada a zafafa wajen cirewa. Ƙaramar tagar bayi ko ramin iska a bar su cikin lissafi, domin leɓen bangon da ke kewaye da taga da ƙofa shi ma fenti zai sha, kuma ba mu auna shi ba. Ita ƙofar kanta, in ta ƙarfe ce ko ta katako, fentin mai take so, lissafinta daban: fuska biyu, shafi biyu, 1.9 × 2 × 2 = 7.6, abin da lita ɗaya za ta isa.

Shafi da abin da lita take rufewa

Nan ne mafi yawan mutane suke yin asara, don haka ku natsu. Lambar da kamfani ya rubuta a jikin bokiti ta shafi ɗaya ce, kuma a kan bango mai sumul wanda ba ya shan ruwa. Fentin ruwa mai kyau yakan rufe kusan murabba'in mita 10 da lita ɗaya a irin wannan bango. Amma bango yana buƙatar shafi biyu kafin launi ya zauna daidai. Saboda haka murabba'in mita 40 ɗinmu, aikin 80 ne. In tsohon bango ne mai santsi, kuma launin da za a sa bai yi nisa da na da ba, 80 ÷ 10 = lita 8.

Namu kuwa sabuwar filasta ce. Ku watsa mata ɗan ruwa da hannu ku gani: nan take za ta shanye, wurin ya yi duhu. Haka za ta yi wa shafin farko. Ga kuma kaushin yashi, wanda kowane ɗan rami a cikinsa sai fenti ya cika shi. A irin wannan bango lita ɗaya ba ta cika wuce murabba'in mita 7 ba. To shafin farko 40 ÷ 7, kusan lita 6. Shafi na biyu ya tarar da bango ya ƙoshi, sai ya koma 40 ÷ 10 = lita 4. Jimla lita 10.

A ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda abin da rola da burushi za su riƙe, da wanda zai ɗiga, da na gyaran tabo daga baya. Ya zama lita 11, wato galan uku. In za a rufe launi mai duhu da fari ko ruwan madara, a yi lissafin shafi uku.

In kuna shakkar bangon ko fentin, ku gwada. Ku auni lita ɗaya, mai fenti ya shafa ta har ta ƙare, sannan ku auna wurin da ta rufe. Wannan lambar ta fi ta jikin bokiti gaskiya, domin ta bangonku ce.

Silin

Faɗin silin daidai yake da faɗin daɓe: 4 × 3.5 = 14. Shafi biyu, 28. A raba gida 10, lita 2.8, galan ɗaya ya isa har da ragi. A rubuta shi daban da na bango, tunda yawanci fari ake sa masa. Silin na roba ba a yi masa fenti, a fitar da shi daga lissafi.

Ruwa ba ya ƙara fenti

In fenti ya kusa ƙarewa aiki bai ƙare ba, wasu sukan tuttula masa ruwa. Lita ta ƙaru a ido, amma sinadarin launi da na ɗanko suna nan yadda suke, an dai tsinka su. Alamarsa a bayyane take: bayan ya bushe za a riƙa hango tokar siminti ta ƙarƙashi, sawun rola ya fito layi-layi, in an goga tafin hannu ya taso da gari. Ƙarshenta sai an sake shafi na uku. Kada a wuce ruwan da aka rubuta a jikin bokiti.

Yanayin Sakkwato ma yana taɓa lissafi. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, fenti yana bushewa a jikin rola kafin a baza shi, sai a riƙa yawan tsomawa, lita ta tafi da sauri. A fara aiki da sassafe, a rufe bakin bokiti. Da hunturu kuma a share ƙurar bango kafin a shafa, in ba haka ba ƙura fentin zai kama, ya ɓanɓare daga baya.

In ɗaki uku ne irin wannan, launi ɗaya, lita 33 ke nan: bokiti ɗaya da galan huɗu. A saye su lokaci guda a gauraya su wuri ɗaya, domin fenti mai suna ɗaya wanda ba tare aka haɗa shi ba yakan ɗan bambanta a launi, kuma a tsakiyar bango bambancin yake fitowa.

Aikin gwaji

Falo mai tsawon mita 6, faɗin mita 4, tsayin mita 3, da ƙofa biyu da taga uku irin na sama. Tsohon bango ne mai santsi, shafi biyu za a yi. Galan nawa bango zai sha? Galan ɗaya zai ishi silin?

Amsa: 20 × 3 = 60; a cire 8, saura 52; shafi biyu 104; lita 10.4, da ƙari kusan 11.5, galan uku. Silin 24 × 2 = 48, lita 4.8, galan ɗaya ba zai isa ba.