Yadda ake rubuta wa ejen takardar ƙin yarda da kuɗin dimorej

Kaya sun sauka Jos lafiya, ka gama lissafin riba, sai ejen ɗinka na Legas ya turo saƙo wai akwai dimorej dubu 440 a kanka. Kar ka fara da zagi a waya, ba ya rage ko kwabo. Dimorej kuɗin kwana ne, don haka da kwanaki za ka yi gardama.

Da farko ka ce ya turo maka inbois ɗin kamfanin jirgin ruwa na asali mai lambar kwantenarka, ba wanda ya buga da kansa a ofishinsa ba. Wasu sukan haɗa dimorej, wanda kamfanin jirgi ke caja saboda an riƙe musu kwantena, da kuɗin ajiya na masu tashar jirgin ruwa, su kira shi duka dimorej, alhali mutane biyu ne ke karɓa kuma kowa da takardarsa. In ya fara kwana-kwana a kan inbois ɗin nan, to ka riga ka gane inda matsalar take.

Sai ka tattara ranaku: ranar da aka sauke kwantena daga jirgi, kwanakin kyauta nawa aka ba ka, ranar da ka tura kuɗin kwastan, ranar da ke jikin rasit ɗin biya, da ranar da aka mai da kwantena ba kaya. Wannan ta ƙarshen ita mu na Arewa muke mantawa, domin agogon kamfanin jirgi ba ya tsayawa don kaya sun fita daga Apapa, sai an mai da musu kwantenarsu, kuma takardar EIR, wato rasit ɗin da ake bayarwa in an karɓi kwantenar, ita ce shaidar ranar.

Ga misali, adadin na ƙaddarawa ne kawai. An sauke kwantena 3 ga Maris, kwanakin kyauta 7, wato sun ƙare 9 ga wata. Ka tura kuɗin kwastan da takardu 5 ga wata amma ejen bai biya ba sai 14. Kwantena ta fita 19, ta iso Jos 22, aka sauke kaya 23, tirela ta koma Legas 26, ba a miƙa kwantenar ba sai 31. Daga 10 zuwa 31 kwana 22 ke nan, a kan dubu 20 kullum, dubu 440. Yanzu ka duba nasa laifin. Ka ba shi kwana biyu na uzuri bayan kuɗinka sun shiga, saura kwana 7 da ya zauna a kan kuɗin, ga kuma kwana 5 da kwantena ta yi a Legas a kan motar da shi ya ɗauko, kwana 12, dubu 240. Sauran kwana 10 naka ne, ka amsa su, wallahi amsawar nan ita ke sa a ɗauki takardarka da muhimmanci. In kuma farashin hawa-hawa ne, kamar yadda aka saba, ka nemi a cire kwanakin ƙarshe don su suka fi tsada.

Takardar kanta gajeriya ce, ka sa kwanan wata da lambar kwantena da ta bil of ladin, wato takardar ɗaukar kayan da kamfanin jirgi ya bayar, a sama, sannan:

"Assalamu alaikum Alhaji. Na samu lissafin dimorej na Naira 440,000. Na yarda da kwana 10, wato Naira 200,000. Ban yarda da kwana 12 ba, domin kuɗin kwastan sun shiga asusunku 5 ga Maris amma rasit ya nuna 14 aka biya, kuma mota ta koma Legas 26 amma EIR ya nuna 31. Ga shaidar banki da rasit a haɗe. Ina roƙon ku cire Naira 240,000 daga lissafina, ko ku kawo hujjar jinkirin a rubuce cikin kwana 7. Na gode."

Ka tura ta imel, ba saƙon murya ba, ka ajiye kwafi. Zai iya cewa netiwok ɗin kwastan ne ya faɗi ko layi ne a wurin mai da kwantena, wani lokaci gaskiya ne, sai ka ce ya kawo shaida kuma ya nemi ragi daga kamfanin jirgi da ita.

Amma fa in kwantena tana tasha har yanzu, kar ka tsaya musu kuɗi na ƙaruwa kullum. Ka biya, ka rubuta cewa ka biya ne ba tare da ka yarda ba kuma za ka nemi haƙƙinka, musamman da yake kamfanin jirgi na iya cire kuɗin daga dipozit ɗin kwantenarka, wato kuɗin jinginar da ka ajiye musu. In kwana 7 sun wuce shiru, ka kai ƙorafi Hukumar Masu Shigo da Kaya ta Ruwa ta Najeriya, wadda aka fi sani da Shifas Kansil, tana da sashen karɓar ƙorafi, ka haɗa da kwafin takardar nan da duk rasit ɗinka.