Yadda ake rubuta takardar ƙorafi idan SSNIT ta ce watanninka ba su kai na fansho ba

A Ghana, ƙarƙashin dokar fansho ta 2008, sai mutum ya cika shekara 60 kuma an zuba masa kuɗi na aƙalla wata 180 kafin SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata ta ƙasar, ta ba shi cikakken fanshon wata-wata. In watannin sun gaza, kuɗin da aka tara masa za a mayar masa a dunƙule da ɗan ƙari. Dattawa da yawa a zangunan Kumasi da Nima in sun zo rubuta ƙorafi kan cika shafi biyu da labarin iyali da hawan jini da kuɗin haya. Ma'aikacin da zai karanta ba shi da ikon ƙara wata ko ɗaya don tausayi. Watanni yake ƙirgawa, don haka da watanni za ka yi masa magana.

Ni dai doka ce a wurina: kada ka sa hannu ka karɓi kuɗin dunƙulen alhali kana ja da lissafin.

Kafin ka ɗauki biro, je reshen SSNIT ka karɓi cikakken bayanin asusunka tun daga watan farko. A nan mutane ke faɗuwa, domin jimillar ƙasa kawai suke kallo. Ka samu takarda ka jera shekarun aikinka, kowace da watanninta 12, ka bi ɗaya bayan ɗaya kana sa alama a duk watan da bai fito a bayanin ba. Sannan kowane giɓi ka rubuta wurin da kake aiki a lokacin.

A ce bayanin direban wani kamfani ya nuna wata 167, saura 13 ke nan. Da ya bi layi sai ya ga giɓi biyu: Janairun 2003 zuwa Agustan 2004, wata 20, da kuma Maris zuwa Oktoban 2016, wata 8. Ya tono tsoffin takardun albashinsa na 2003, sai ga wata lambar SSNIT daban, sunan kuma Mahama maimakon Mohammed. Ashe wancan kamfanin sabuwar rajista ya yi masa. Kuɗin na nan, a wani asusu suke kwance, abin da zai nema shi ne a haɗe lambobin biyu. Na 2016 kuwa takardar albashi ta nuna an cire masa kashi 5.5, amma mai aikin bai kai kuɗin ba. Wannan bashi ne a kan mai aikin, kuma SSNIT na da ikon binsa har kotu, sai dai yana cin lokaci.

Saboda haka giɓin farko zai sa a gaba, tunda 167 da 20 sun ba shi 187, ya haye. Amma kada ya yar da wata 8 ɗin. A wata 180 fansho yana farawa ne daga kashi 37.5 na matsakaicin albashin shekaru uku mafi tsoka, kuma kowane ƙarin wata yana ɗaga shi kaɗan.

Takardar kanta shafi ɗaya ta isa, da Turanci, zuwa ga manajan reshen da ka shigar da buƙatarka. A sama ka sa cikakken suna, lambar SSNIT, lambar katin Ghana, da kwanan watan takardar da aka hana ka da ita. Sakin layi na farko ya ce an ƙirga maka wata kaza, kai kuma kana da hujjar wata kaza. Sai kowane giɓi da sakin layinsa: sunan wurin aiki, daga wane wata zuwa wane, me ya faru, wace takarda ce shaida. A ƙarshe ka faɗi abin da kake so a fili: a haɗe lambobi, a binciki mai aikin 2016, a sake lissafi, a ba ka amsa a rubuce. In masu buga takardu na bakin titi za su rubuta maka, ka tsaya a kansu, don sun saba cusa kalaman roƙo suna tsallake lambobi.

Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce takardar albashi mai nuna an cire kuɗin. Takardar ɗaukar aiki da bayanin banki suna tallafawa ne kawai, domin ba sa nuna cirewar. In suna ya bambanta, ka haɗa da takardar rantsuwa. Kwafi za ka miƙa, kowanne da lamba, na asali su zauna a gida.

Ka kai da hannunka, a buga hatimi da kwanan wata a naka kwafin. In an yi shiru ko an sake hanawa ba da dalili ba, ka tura kwafin komai zuwa NPRA, hukumar da ke sa ido kan fansho, tare da shafin nan mai hatimi.