Darasi na Tara: Hular da Aka Tsinta a Shagon Alhaji

Labarin da ke cikin wannan darasi na misali ne, amma hanyar aikin da lissafin duk na gaskiya ne. Ku tanadi biro da takarda, akwai ɗan lissafi a gaba.

Wani Alhaji yana da shagon atamfa a Aboabo, cikin Kumasi. Ran nan da asuba ya tarar an ɓalle kwado, an kwashe turame. A bayan shagon, gefen kwata, aka tsinci wata tsohuwar hula da ruwan daren ya jiƙa. Bayan kwana biyu 'yan sanda suka kama wani saurayi da ke yi wa Alhaji dakon kaya daga Kejetia. Aka kai hular ɗakin gwaji, aka ɗauki samfur daga bakin yaron, takarda ta fito. Abin da ta ce shi ne, abin da aka samu a hula ya dace da na yaron, kuma yiwuwar a samu irin wannan dacewa a jikin wani mutum dabam ita ce 1 cikin 1,000,000.

Mahaifiyar yaron ta kawo wa malamin ajinsu maganar tana share hawaye. Ta ce, "Malam, an ce mini magana ta ƙare. Wai in aka kasa gaskiya kashi miliyan, kashi ɗaya kaɗai ya rage wa ɗana."

Malam ya ce, "Hajiya, zauna tukuna. Ba haka takardar ta ce ba."

Me ake aunawa?

A cikin kusan kowace ƙwayar jikin mutum akwai wani dogon zare mai ɗauke da tsarin halittarsa. A takardar asibiti da ta kotu za ku ga an rubuta sunansa DNA. Rabinsa daga uwa, rabi daga uba. Ana samunsa a jini, da yawu, da maniyyi, da saiwar gashi, da ƙwayoyin fata da ke maƙalewa a gindin hula inda zufa ke taruwa.

Masu gwaji ba sa karanta zaren duka. Akwai wasu gurabu da aka sani, inda wani ɗan gajeren tsari ke maimaita kansa kamar 'ya'yan carbi. A gurbi guda, wani yana da maimaici 12, wani 15, wani 17. Tun da kowa ya gaji ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kowane gurbi yana ba da lamba biyu, misali 12 da 15. Dakunan gwaji na zamani sukan duba gurbi 15 zuwa 20 da 'yan kai. Jerin waɗannan lambobi shi ne abin da ake kwatantawa.

Wanda ya fara gano hanyar bambanta mutane da wannan zare shi ne Alec Jeffreys, a Jami'ar Leicester ta Ingila, a 1984. Abin da zai ba ku sha'awa, shari'ar farko da aka warware da ita a 1985 ta shafi wani yaro ne ɗan asalin Ghana, wanda jami'an shige da fice na Birtaniya suka yi shakkar ko ɗan matar da ta ce ita ta haife shi ne. Gwaji ya nuna ɗanta ne.

Daga hula zuwa takarda

Mai ɗaukar samfur yana sa safar hannu, ya goga 'yar auduga mai tsinke a cikin hular. Sai a bar audugar ta bushe, a sa ta a ambulan na takarda. Ba a ɗaure jiƙaƙƙen abu a leda, domin laima da zafi suna ruɓar da zaren. A liƙe ambulan, a rubuta rana da wuri, kuma duk hannun da ya karɓa ya sa hannu. A ɗakin gwaji ana ciro zaren, na'ura ta ninninka gurabun da ake so har sau miliyoyi, sannan wata na'urar ta auna tsawonsu ta fitar da lambobi.

Jini sabo yakan ba da duk gurabun. Hular da ta kwana cikin ruwa kuwa, abin da ya saura a jikinta kaɗan ne kuma ya gutsuttsure. A misalinmu gurbi 6 kawai suka fito sarai.

Babban ƙarfin wannan gwaji yana wajen wanke mutum. Idan samfurin na mutum ɗaya ne kuma ya fito tsaf, hula ta ce 12 da 15, yaro ya ce 9 da 18, to ba daga jikinsa ya fito ba, ko da unguwa duka ta rantse. A 1986 a Ingila, wani saurayi ya riga ya amsa laifin kisa a hannun 'yan sanda, gwajin ya nuna ba shi ba ne, daga baya aka kamo mai laifin. In kuwa lambobi sun dace, a nan ne ake bukatar natsuwa.

Daga ina miliyan ta fito?

A ce a gurbi na farko, mutum 1 cikin kowane 10 yana da lambobin da aka gani a hula. Tara mutum 1,000,000 a zuciyarka. Gurbi na farko ya tace su, saura 100,000. A gurbi na biyu ma 1 cikin 10 ne, saura 10,000. Na uku, 1,000. Na huɗu, 100. Na biyar, 10. Na shida, saura mutum 1. Kamar rariya ce shida, kowace tana tace abin da ta baya ta bari. A aikin gaske kowane gurbi da nasa adadin, ana ɗauko shi daga lissafin yawan kowace lamba a cikin al'umma, amma ninkawar haka take.

To ga ma'anar lambar, a karanta a hankali: idan aka ɗauko wani mutum haka kawai daga cikin jama'a, wanda ba dangin mai hular ba, yiwuwar lambobinsa su dace da na hula ita ce 1 cikin 1,000,000.

Yanzu ku duba. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen Ghana sun kai miliyan 30.8. Idan a kowace miliyan ana sa ran mutum 1, ke nan a ƙasar nan akwai wajen mutum 30 da za su iya dacewa da waɗannan gurabu shida. Ɗan Hajiya ɗaya ne daga cikinsu. Da ba wata shaida sai wannan, kuma da kowane ɗayansu zai iya zuwa Aboabo a daren, da rabonsa bai wuce 1 cikin 30 ba. Ina 1 cikin 30, ina "saura kashi ɗaya cikin miliyan"?

Kada kuma a zarce da murna. Cikin talatin ɗin nan akwai jarirai, akwai tsofaffi, akwai na Bolgatanga da ba su taɓa taka Kumasi ba. Idan shaidu suka nuna cewa mutum biyar ne kaɗai suka san inda Alhaji ke ajiye sabbin turame, kuma cikinsu wannan yaro ne ya dace, to gwajin ya yi nauyi ƙwarai. Lambar ba ta canza ba, sauran shaidu ne ke nuna yawan mutanen da za a auna ta a kansu. Shi ya sa auna laifi yake aikin alƙali. Mai gwaji iyakarsa ya faɗi yadda waɗannan lambobi suke da wuyar samu.

Kuskuren Hajiya ba na rashin karatu ba ne, lauyoyi ma sun sha yin sa a gaban kotu. Gwada shi da wannan: kusan duk ɗan Zango yana jin Hausa. Amma in ka ji mutum yana Hausa a Kejetia, ba za ka rantse ɗan Zango ne ba, wataƙila baƙo ne daga Kano ko Yamai. Magana biyu ne masu kama da juna, amma kowace da inda ta dosa.

'Yan ɗaki ɗaya

Malam ya tambaya, "Hajiya, shi kaɗai ne namiji a wurinki?"

Ta ce, "Su huɗu ne, Malam, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗaki guda suke kwana. Hula kuwa, wanda ya riga tashi shi ke sawa."

Wannan amsa ta taɓa abu biyu. Na farko, lissafin miliyan na bare ne. 'Yan'uwa shaƙiƙai daga tukunya ɗaya suka ɗebo. A kowane gurbi, yiwuwar su gaji abu iri ɗaya daga uwa da uba ita ce 1 cikin 4, kuma in aka haɗa da dacewar da kan zo haka nan, a misalinmu takan kusa 39 cikin 100. Ninka wannan gurbi bayan gurbi har shida, za ka samu wajen 1 cikin 300. Daga miliyan an sauko ɗari uku. Hassan da Husaini kuwa, in tagwayen ƙwai ɗaya ne, wannan gwaji ba ya raba su sam.

Na biyu, gwajin ba ya faɗin yaushe ko ta yaya. Ko da an tabbatar zufar yaron ce a hula, abin da aka sani shi ne ya taɓa sa ta. Ko a daren ne, ko makon jiya, ko shi ya kai ta bayan shago, ko wani ya ara, zaren ba shi da bakin faɗa. Hular da mutum huɗu ke sawa ma takan ba da gauraye. Alamarsa ita ce a ga lamba uku ko huɗu a gurbi guda, alhali mutum ɗaya ba ya wuce biyu. Raba gauraye aiki ne mai wuya, kuma ƙwararru biyu kan iya saɓawa a kansa.

Kuskuren hannu

Akwai abin da lambar miliyan ba ta ƙunsa ko kaɗan: kuskuren masu aiki. A musanya ambulan biyu, ko a taɓa hula da safar da aka taɓa rigar yaro. Na'urar da ke ninka abu sau miliyoyi tana ninka ƙazanta ma. A Jamus, 'yan sanda sun shekara da shekaru suna neman wata mace da lambobinta suka bayyana a wuraren laifi kusan 40, har a Ostiriya da Faransa. A 2009 aka gano lambobin na wata ma'aikaciya ce a masana'antar da ke yin audugar ɗaukar samfur. Shi ya sa ɗakin gwaji mai kyau ke gwada auduga marar komai tare da samfurin. In lamba ta fito a marar komai, aikin ya gurɓata.

Malam ya rubuta wa Hajiya tambayoyin da za ta kai wa lauya. Gurbi nawa ne suka fito? Samfurin na mutum ɗaya ne ko gauraye? An lissafa dacewar 'yan'uwa? Hannun wa da wa hular ta bi, kuma akwai sa hannunsu? Akwai ragowar samfur da za a sake gwadawa a wani ɗakin? Ta ninke takardar ta ƙulle a bakin mayafinta, sannan ta yi shiru, ta ce, "Malam, ke nan in an wanke wannan, ana iya juyowa kan 'yan'uwansa?"

Malam ya ce, "Ana iya gwada su, Hajiya. Ki faɗa wa lauya wannan tun farko."

Aikin aji

1. Takarda ta ce 1 cikin 100,000. A gari mai mutum 2,000,000, mutum nawa ake sa ran za su dace?
2. A gurbi guda an ga lambobi 11, 13, 14 da 16. Me wannan ke nunawa?
3. Da gurbi 8 ne suka fito a hula, kowane 1 cikin 10, wace lamba za a rubuta a takarda?