Yadda ake fitar da kason kuskure a gwajin lilo na fiziks

Mafi yawan ɗaliban da na ga sun zubar da maki a wannan lissafi sun yi gwajinsu lafiya lau. A layi uku na ƙarshe suke faɗuwa, wajen kwatanta abin da suka auna da adadin da aka sani na gaskiya. Zan yi amfani da gwajin lilo, wato dunƙulen ƙarfe da ake ratayewa da zare don a auna g, ƙarfin da ƙasa ke janyo abu da shi, domin kusan duk ɗan ajin kimiyya mai shirin WAEC ko NECO sai ya haɗu da shi. Ba zan tsaya koya maka ɗaura zare ko danna agogo ba. In makarantarku ba ta da kayan, zaren ɗinki mai ƙwari da noti mai nauyi daga wurin bakanike da agogon waya sun wadatar a gwada a gida.

Ga dokar:

```
kuskure % = |na awo − na gaskiya| ÷ na gaskiya × 100
```

Kafin ka taɓa kalkuleta, rubuta adadin gaskiya a saman takarda tare da ma'auninsa: 9.8 m/s². Ni ba na karɓar 10 a nan. Ana amfani da 10 ne don sauƙaƙe lissafi a tambayoyin jarrabawa, amma in ka kwatanta awonka da shi ka ƙara wa kanka kuskuren da ba naka ba. Idan takardar tambaya ce ta ba ka adadi, ko malami ya rubuta a allo, to bi nasu.

Yanzu awon. A ce tsawon lilon, wato l, mita 1.00 ne, kuma kai-komo 20 ya ɗauki sakan 41.0. Raba 41.0 da 20, ka sami T = 2.05, lokacin kai-komo ɗaya ke nan. Sai ka zuba a ciki:

```
g = 4π² × l ÷ T²
g = 39.48 × 1.00 ÷ 4.2025 = 9.39
```

Ka lura ban taɓa 2.05 ba. Ɗalibai na son gyara shi ya zama 2.1 don ya yi kyan gani, kuma da yake ana ninka T da kansa, wannan ɗan gyaran sai ya kai g zuwa 8.95. Wanda ya mai da shi 2.0 kuma zai sami 9.87 ya yi ta murna, alhali hannunsa bai auna haka ba. Bar lambobin a kalkuleta har ƙarshe, sannan ka taƙaita sau ɗaya.

Debe ɗaya daga ɗaya: 9.39 da 9.8, tazarar 0.41 ce. Sandunan nan biyu da ke cikin dokar suna nufin ka jefar da alamar debewa, tazarar kawai ake so.

To, ga inda ake yawan faɗuwa. Da me za ka raba 0.41? Da 9.8, adadin gaskiya, kullum. Ɗalibi yana kallon 9.39 a kalkuletarsa, shi ne abin da ya fito masa yanzu-yanzu, sai hannunsa ya tafi kansa. Abin da ke ɓoye wannan laifi shi ne, idan awon ya yi kusa da gaskiya amsoshin biyu suna kama da juna. Ka raba da 9.8 ka ninka da 100, za ka sami 4.2%. Ka raba da 9.39, za ka sami 4.4%. Ɗalibi ya duba na maƙwabcinsa ya ga kusan ɗaya ne, ya ce ai shi ke nan, ya ci gaba da yin haka har zangon karatu ya ƙare. Ranar da awon ya yi nisa asirin ke tonuwa. A ce wani ya sami g = 7.0. Tazarar 2.8 ce. In ya raba da 9.8 kuskurensa 28.6% ne, in ya raba da 7.0 sai ya fito 40%. Awo ɗaya ne, amma amsa ta biyu ba ta da ma'ana.

Dalilin kuwa a fili yake. Tambayar da kake amsawa ita ce, da kashi nawa na kauce wa gaskiya? Mai awon hatsi da ya tauye mudu, da cikakken mudu ake gwada tauyewarsa. Haka kuma idan ɗalibai talatin suka yi gwajin a aji ɗaya, kowa da nasa awon, sai an raba da adadi ɗaya da kowa ya yarda da shi kafin a iya cewa na Binta ya fi na Sani kusa. In kowa ya raba da nasa, wanda awonsa ya yi ƙasa zai ga kuskurensa ya kumbura, wanda nasa ya yi sama kuma ya ga ya ragu. Dabarar da nake sa ɗalibaina su yi ita ce su zana layin rabawa, su rubuta 9.8 a ƙasansa tun kafin su rubuta komai a sama.

Kada ka manta da ninkawa da 100. Wanda ya rubuta 0.042% maimakon 4.2% ya yi da'awar cewa ya yi awon da zare da agogon hannu ba sa iya bayarwa. Amsar kuma ba ta ɗaukar m/s², alamar % kawai take ɗauka.

Alamar debewar da ka jefar ɗazu, ka riƙe ta a ranka, domin ita ke nuna inda za ka nemi matsala. Namu ya fito ƙasa da 9.8, ke nan ko lokacin ya yi yawa ko tsawon da aka rubuta ya gaza na ainihi. Duba ko a saman dunƙulen ka tsayar da rula, domin har tsakiyarsa ake aunawa. Duba ko ka ja lilon ya buɗe sosai, domin dokar tana aiki ne in kusurwar ƙarama ce, ƙasa da digiri 10, kuma buɗewa da yawa na tsawaita T. Fanka ma a kashe ta.

In g ya haura 9.8 da kamar kashi 11 cikin ɗari, kusan kullum ƙirga ce. Ɗalibi ya saki lilo ya ce "ɗaya" nan take, sai ya ƙirga 20 alhali kai-komo 19 aka yi. Da sifili ake farawa. In ka ga wajen 39, kuskuren 300%, ka ƙirga zuwa daban, dawowa daban, maimakon ka ɗauke su kai-komo ɗaya. In ka ga 939, ka sa santimita 100 a inda ake son mita 1.00, je ka gyara ma'auni kafin ka debe komai.

Game da nawa ne ya yi, ni da kayan makaranta duk abin da bai wuce 5% ba ina karɓa, wanda ya haura 10% sai a sake gwajin. Wanda ya kawo mini 9.80 cif da 0% kuwa, teburin awonsa nake fara nema, don na san akwai masu farawa daga amsa su koma baya su ƙirƙiro lokutan. A rahoto rubuta layi uku: adadin gaskiya 9.8 m/s², na awo 9.39 m/s², kuskure 4.2%, sai jimla ɗaya da ke cewa awon ya fito ƙasa da kuma abin da kake zaton ya jawo haka.